Ranar da Aradu ta Faɗo a Gidanmu

Da zarar na ji kwanon rufi ya fara kaɗawa kafin hadari, sai gabana ya faɗi. Ka yi haƙuri in gaya maka dalili.

A unguwar Ƙofar Dumi na tashi, gidan kakana, malamin allo. Shi ya koya mana abin da ake faɗa in sama ta yi ƙara: "Subhanallazi yusabbihur ra'adu bihamdihi wal mala'ikatu min khifatihi," wato tsarki ya tabbata ga wanda tsawa ke yi wa tasbihi, mala'iku ma haka don tsoronsa. In iska ce ta taso, sai mu roƙi Allah alherinta da alherin abin da aka aiko ta da shi, mu nemi tsari daga sharrinta. Ya hana mu zaginta, ya ce 'yar aike ce. Kakata, Bafulatana, ita ma tana karantawa, amma ta yarda da abin da ta gada: aradu ba ta faɗa wa mutum haka kawai, kuma ba a taɓa wanda ta buga sai an zuba masa nono.

A ɗakin kusa da zaure akwai wata Kirista, matar soja. Mijinta ya mutu, ta baro barikin Shadawanka da 'yarta guda, kakana ya ba su ɗaki. Yarinyar sa'ata ce, tare muke 'yar carafke a gindin darbejiyar tsakar gida. Uwar in hadari ya haɗo durƙusawa take, ta ɗaga murya da sunan Yesu, ta ce wa iska ta natsu. 'Yar ta taɓa gaya mini cewa a wurinsu Yesu ya taɓa tsawata wa guguwa a kan teku ta kwanta, shi ya sa suke kiran sunansa. Kawuna ya tsani jin wannan addu'ar.

Ina shekara tara, a farkon damina, bayan la'asar gabas ta yi baƙi. Kowa ya ruga ɗaki, ni kuwa na faɗa ɗakin matar soja don ya fi kusa. Uwar na durƙushe idonta a rufe, ni ina karanta tawa addu'ar a zuci, sai yarinyar ta tuna kayan makarantarta na kan igiya a gindin darbejiya. Ta fita. Haske ya cika ɗakin, ƙarar ta toshe mini kunne.

Muka same ta kwance, wani ƙauri na tashi. Uwar ta yi kanta, mata uku suka riƙe ta tamau. Kakata ta ce kada wanda ya taɓa yarinyar. Babu nono a gidan, sai aka aiki kawuna nema cikin ruwa. Uwar tana fizga tana roƙo da Hausarta mai gargada: "Ku bari ni, yarona yana numfashi." Ba su sake ta ba. Muna tsaye a baranda muna kallon ruwa yana dukan fuskar ƙawata har kawu ya dawo da ƙwarya. Kafin nan ta sandare.

Washegari, bayan mutanen cocinsu sun ɗauke gawar, kawuna ya tsayar da ni gaban manya ya tambaye ni abin da na ji a ɗakin. Na ce na ji uwar tana yi wa iska tsawa. Gaskiya na faɗa, kuma na ji daɗin yadda kowa ya juyo yana saurarena. Kafin magariba maganar ta zaga unguwa: ta zagi iska, aradu ta rama a kan 'yarta.

Kakana ya ce ba zagi ba ne, addu'arta ce, kuma tsawa na samun wanda Allah ya so, salihi ko waninsa. Sau ɗaya ya faɗa, a zaure, ya koma kan littafinsa. Mata suka daina amsa gaisuwarta, suka ware mata guga a rijiya. Kwana shida da binne yarinyar, kawu ya fito mata da kayanta waje. Da za ta wuce ta dafa kaina ta ce, "Allah ya raya ki." Kakata ta wanke mini kan da sabulu.

Na girma kafin wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa wanda aradu ta buga ba ya riƙe wuta a jikinsa, kuma in an danna masa ƙirji da wuri wani yakan farfaɗo. Yau gidan ya zama shaguna, manyan duk sun rasu, ana yi musu addu'a da kyakkyawar shaida, ni ma ina yi. Matar kuwa na yi cigiyarta a coci biyu, suka ce in faɗi sunanta. Sai a lokacin na gane shekara uku muka yi gida ɗaya, ba wanda ya taɓa kiranta da wani abu sai matar soja.