Ranar da Maigida Ya Kira Ni Rana

Jiya Juma'a Baban Ummi ya dawo daga Kara, kasuwar shanu, gumi sharkaf, ya dube ni ya ce, “Maman Ummi, ke ce rana mai ɗumama zuciyata.”

Na fasa miƙa masa ruwan da na ɗebo. Na ce, “Rana? Wannan da ta gasa ka tun safe? Laifin me na yi maka?”

Ya ce wallahi yabo ne, a waya ya gani, haka Turawa ke faɗa wa masoyansu.

Na ce, “Su da sanyi ke kashewa, dole su yi begen rana. Mu nan wanda zuciyarsa ta yi zafi ai faɗa yake nema. Ba ka ga Larabawa sanyin ido suke cewa ba? Tasu ta shigo Hausa ta zauna daram, don ranarsu irin tamu ce.”

Ya kalli kofin da ke hannuna. Can ya ce, “To ke ce ruwan randa.”

Sannan na miƙa masa.

Matan Wudil, ku faɗa min gaskiya: rana ko randa?