Shirun da Sahabi Ya Yanke

Duk Yelwa an san Sahabi da gyaran bidiyo. Shagonsa na bayan 'yan kifi, kuma ko mai in'ina ka kai masa, sai ya fito da shi kamar mai karanta labarai. Yakan bi zanen murya a kwamfuta, inda ya kwanta ya san shiru ne, ya datse shi tare da su "e to" da "wato". Amma ba ya aske magana ƙwal. Yakan bar ɗan numfashi gaban kalma da bayanta, in kuma kan mai magana ya yi tsalle a wurin yanka, sai ya matso da hoton ko ya rufe da hoton ruwa. Cewa yake, shirun da ya biyo bayan magana mai nauyi ba a taɓa shi. Ya iya faɗa kam.

Shi ne ɗan fari wurin Zuliha, mai bandar kifi a Ngaski, saboda haka tun da ta haife shi kunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba. Ya girma, har ya yi furfura, abin bai daina cin ransa ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, ƙannensa suka roƙe shi ya ɗauko musu ita a waya, ya taƙaita yadda zai turu. Ya je ya ce ta sa wa 'ya'yanta albarka. Inna ta buɗe baki za ta fara, sai ta sunkuyar da kai, ta yi ɗan murmushi, ta jima tana murza bakin zanenta. Sannan ta ɗago ta kira Firdausi, da Aliyu, da Ladidi, da Mati.

A shago Sahabi ya maimaita wurin nan ya fi a ƙirga. Ko yanzu ma, Inna? Haushi ya kama shi, ya ce shiru ai shiru ne, ya datse. Ya rufe yankan da kwalekwale a kan ruwa, sumul, ko shi ba ya ganin ɗinkin. Waya ta cika, ya goge na asali.

Kafin damina ta fita Inna ta rasu. Bayan sadakar bakwai aka kunna bidiyon a tsakar gida, mata na share hawaye. Uwani, ƙanwar marigayiya, ta ce a mayar baya. Aka mayar.

"Ina wurinka, Sahabi?" ta tambaye shi. "Zuliha ba ta taɓa lissafa ɗiyanta ba ta tsaya kanka ba. Nan take daɗewa."

Ya koma shago ya tone waya da kwamfuta, bai sami komai ba. Yana nan yana gyara maganar mutane har yau, a bidiyon kuwa Inna 'ya'ya huɗu ta haifa.