Rijiyar Inna a Layi na Talatin da Ɗaya

A shekarun da kwamfuta ta fara shigowa Anka, ina da ɗan shago a bakin tasha inda nake buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki. Da yake na iya abin nan da ake tsara bayani shafi-shafi a haska a bango da majigi, sai 'yan ƙauyenmu suka ɗauke ni wani babban masani. Ni ma ban musa ba.

Ƙauyen namu yana can ta wajen Nasarawa Burkullu, kuma ba mu da ruwa. Da rani Innata, da tsufanta, takan bi matan gari zuwa gulbi su tona yashi su jira ruwa ya tsatso. Sai labari ya zo cewa wata ƙungiyar agaji za ta haƙa rijiyar burtsatse guda ɗaya a yankin, kuma ƙungiyoyin ƙauyuka daga Anka da Gummi da Bukkuyum za su zo su yi bayani, kowa minti goma.

Shugaban ƙungiyar ƙauyenmu kawuna ne, yayan Inna, tsohon hedimasta. Shekara talatin yana cika allo da alli tun daga sama har ƙasa, kuma a tsarinsa duk ɗalibin da ya bar fili a littafi ɗan ɓarna ne, sai ya sha bulala. Ya zo shagona da dogayen takardu huɗu cike maƙil, har gefe ya rubuce.

Na karanta, na ce, "Kawu, ga shawara. Mu raba shi. Shafi guda, magana guda. Na farko hoton ruwan da ake sha, na biyu nisan gulbi, na uku abin da muke roƙo. Sauran ku faɗa da baki."

Ya leƙa gwajin da na yi masa: jimla ɗaya da manyan haruffa, sauran fari fat.

"Wanga hili hwa? Na wa na?"

"Don ido ya huta ne, Kawu."

"Ido shi huta? Mutane sun taho tun daga Gusau su huta? Kai, ɗan nan, mi kaka son a ce? A ce ba mu da abin hwaɗi?"

Na yi masa bayani cewa shafin kwamfuta ba takarda ba ne, ko ɗari aka yi ba a ƙara ko sisi. Na ce mutum ba ya karatu da sauraro a lokaci guda, in bango ya cika za su bar bakinsa su koma fama da bango. Har misalin gero na kawo masa, na ce ko a gona in ya tsiro da yawa a rami ɗaya ai rage shi ake yi. Ya ce gero daban, ilimi daban, kuma shi ya koya mini baƙi da wasali.

To, wa zai ja da kawunsa? Muka zauna. Da farko gaisuwa: hakimi, dagaci, liman, kansila, kowa da cikakkiyar sarautarsa, don wanda aka tsallake ba zai yafe ba har kabari. Sai tarihin kafuwar gari. Sai jerin buƙatu, tunda a cewarsa ba kullum ake samun baƙi masu mota ba: kwalbati, taki, rufin makaranta, lasifikar masallaci, burtalin shanu. Duk a shafi biyu yake son su, wai kada a ce mun cika surutu. Ina bugawa kwamfutar tana ƙanƙance rubutun da kanta don ya shiga, har ya koma kamar an watsa riɗi. Ya ce a ƙara tambarin ƙungiya, a yi gaisuwar sarakai da launin ja. Rijiya, wadda dominta aka kira taron, ta faɗa shafi na biyu, layi na talatin da ɗaya. Na ƙirga, don haushi ya hana ni yin komai.

Abu ɗaya na yi a ɓoye. Na ƙara shafi na uku: hoton kwanon ruwan gulbi, ja wur, da hannun Inna riƙe da shi, a ƙasa kalma huɗu, "Ruwan da muke sha." Na ce a raina in ya gama sai in latsa, in ya so ya tsine mini daga baya.

Ranar taro aka tayar da janareto, aka rataya farin ƙyalle a bangon zauren. Baƙin su uku ne, babbarsu wata mata mai tabarau. Wata malamar asibiti daga wani ƙauyen Gummi ta riga mu. Shafinta shida ne kacal. Rijiyar da ta rufta. Yara a layi da jarkoki. Wurin da suka ware don haƙa. Kowane shafi jimla ɗaya, ta faɗi magana biyu uku, ta wuce. Kawu ya sunkuyo ya raɗa mini, "Wagga ba ta shirya ba, Allah sarki."

Da na haska namu, sai da zauren ya yi wani irin gunaguni. Na baya suka miƙe tsaye, na gaba suka ƙanƙance ido. Mai tabarau ta cire tabaran, ta goge, ta mayar. Kansilanmu kuwa ya taso har gaban ƙyallen yana bin layi da yatsa yana neman sunansa, inuwar hularsa ta rufe rabin tarihin gari. Kawu ya juya wa jama'a ƙeya ya shiga karanto bango, kalma bayan kalma. Minti bakwai suka tafi a gaisuwa da tarihi. Muna shiga shafi na biyu, yana kan taki, aka buga tebur, lokaci ya ƙare.

Mai tabarau ta ce, cikin ladabi, "Malam, a taƙaice, me kuke buƙata?"

Ga dama ta samu. Kalma ɗaya ce. Amma Kawu ya juya ya nuna bango da alfahari, ya ce, "Hajiya, ai ga shi nan dut mun rubuta."

Ta dubi bangon, ta ɗan daɗe tana dubawa, ta rubuta wani abu gajere, ta ce a kira na gaba. Na kai hannu zan latsa shafi na uku, sai mai kula da majigin ya zare wayar daga kwamfutata ya miƙa wa mutanen da ke biye da mu. Hoton hannun Inna ya fito a gabana ni kaɗai.

Ƙauyen malamar asibiti aka ba rijiyar, kuma wallahi sun cancanta. Kawu har ya bar duniya yana cewa hanya gare su. Ya sa na buga masa shafukan nan biyu a takarda, ya manna a zaurensa, baƙi suna yaba yawan aikin.

Na daɗe ina ba da labarin nan ana dariya, ni ma ina yi. Amma akwai wurin da nakan tsaya. Da na je gida a makon, na tarar da Inna ta dawo daga gulbi tana tace ruwa da gefen tsohon zane. Ta ce, "Kun hwaɗa musu?"

Na ce, "Mun rubuta, Inna. An haska a bango."

"Sun gani ke nan."



Ta ci gaba da tacewa, ta ce, "To, shi ke nan. Tunda sun gani sunka ƙi, ba rabonmu ba na."

Kunya ta hana ni gaya mata cewa ba su ƙi ba, ba su dai same ta ba ne a cikin rubutun. Shekara huɗu ta ƙara tana zuwa gulbin, har ƙafa ta gaza.