Ɗan Farin Attajirin Cikin Takarda

Wanda duk ya zauna Jimeta zamanin Jihar Arewa maso Gabas ya san Bawa na gareji. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don in ya daka wa direba tsawa a bakin kogi har masu kwalekwale sai sun waiwayo. Amma Bawan nan, a gaban mahaifinsa Alhaji Na'inna, ko tari ba ya yi da ƙarfi.

Shi ne ɗan fari. Kakansa mutumin Kano ne, fatauci ya kawo shi Adamawa, uwarsa Kaltume kuwa Bafulatanar cikin Yola ce, saboda haka kunyar ɗan fari ta haɗe masa ta gaba da baya. Ana yaye shi aka miƙa shi riƙo wajen Goggo Sabuwa a Yola. Bai dawo gidan ubansa ba sai da ya isa ɗaukar buhu. Alhaji bai taɓa kiran sunansa ba. In yana da saƙo sai ya dubi bango ya ce, "Ku gaya wa na gareji," ko da Bawa na tsugune a gabansa.

Shekarar da aka sami 'yancin kai Alhaji ya sayi lorinsa ta fari, Bawa ne ya fara zama yaron motarta, ya zama direba, ya koma mai kula da motoci har biyar. In damina ta yi jiragen ruwa suka hauro Binuwai da gishiri da siminti da kwano, shi ke tsayuwa a kan sauke kaya. Da rani shi ke bin hanyar Numan da Gombe yana ciro motocin da suka mutu a daji. Ƙanensa Salihu kuwa boko ya yi, ya dawo aka ba shi tebur da fanka. Shi Alhaji ke kira, shi yake wa wasa, da shi ake zuwa banki.

Bawa ba jahili ba ne, ya san al'ada ce. To amma abin da ke cikin tulu sai an tsiyaya ake sani. Ina zai gane ko shirun nan kunya ce kawai, ko kuwa har da rashin yarda a ƙarƙashinta? Abin yana cinsa ƙwarai, ba ya dai faɗa.

Da tsufa ya kama Alhaji, ƙafa ta hana shi fita, sai gida ya rabu biyu ba tare da kowa ya yi faɗa ba. Bawa ya ce mota ta tafi Mubi, Salihu ya aiko takarda ta tafi Jos, direba ya kwanta ƙarƙashin mota yana jiran a shirya. Masu kaya suka fara komawa wajen wasu. A tambayi Alhaji wa za a bi, sai ya ce, "Ai duk ɗaya ne." Kai, ina ɗaya! Bawa ya gaji. Wani abokinsa Hamajoɗa mai motoci a Garwa ta ƙasar Kamaru ya daɗe yana kiransa, sai Bawa ya ƙudura bayan Babbar Salla zai kwashe iyalinsa ya tafi, ya bar wa Salihu wurin da hannunsa ya gina.

Ana cikin haka Malam Mika'ilu ya zo. Tare suka yi karatun allo da Bawa a Yola, yanzu jami'i ne a ma'aikatar ciniki. Manyansa a Maiduguri suna so su san abin da ya sa kasuwancin gida ke mutuwa ranar da aka binne mai shi, sai aka ce ya ɗauki gida ɗaya ya bincika ciki da bai. Ya zaɓi gidan Alhaji, Alhaji ya yarda, bisa sharaɗin aikin: ba za a sa sunan kowa ba, kuma takarda ba za ta bar Jimeta ba sai an karanta masa ya amince.

Mika'ilu ya yi wata da watanni yana tambaya. Ya zauna da direbobi, da masu kaya, da Salihu, da Alhaji. Ya rubuta rahoto mai kauri. Rannan ya sami Bawa a gareji da takarda ɗaya tak a hannu, fuska duk a yamutse.

"Wannan ce ta hana ni barci," in ji shi. "Taƙaitaccen bayani ne. Shi ake rubutawa a ƙarshe, shi ake sawa a farko. Manya ba su da lokacin karanta sauran, wannan shafin kaɗai za su duba. Dole ya faɗi matsalar, da abin da na gano, da shawarata, ba kwana-kwana."

Bawa ya yi dariya. "Kai ɗan Yola, za ka yi magana ba kwana-kwana? Ai sai a kai ka asibiti."

"Bar dariya. Akwai abin da ka gaya mini, maganar Garwa. Ita ce babban haɗarin gidan nan, in na ɓoye ta rahoton ya zama ƙarya. Amma amanarka ce. In ka ce a'a, na cire ta ko'ina. Ka tuna a gaban Alhaji zan karanta."

Bawa ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, ko da yake hannun ya riga ya fita. Shekara arba'in da 'yan kai bai taɓa iya gaya wa ubansa ko kansa na ciwo ba. Ga takarda ta zo za ta faɗa a madadinsa.

"Rubuta," ya ce.

Bayan la'asar aka taru a zauren Alhaji. Tsohon na kishingiɗe a kan buzu, Salihu kusa da ƙafarsa, Bawa can bakin ƙofa wajen takalma, inda ya saba zama. Mika'ilu ya gyara murya, yana duba Turanci yana mayarwa da Hausa.

"Wannan bincike ne a kan wani attajiri mai motocin sufuri a wani gari na bakin kogi. Kasuwancinsa na da ƙarfi, amma ya fara ja da baya, saboda mai shi ya tsufa bai faɗi wanda zai riƙe bayansa ba. Ɗansa na fari ya san motoci da hanya da mutane. Ɗansa na biyu ya san takardu da banki. Kowa na ba da umarni, ma'aikata sun rasa na bi. Ɗan farin bai san matsayinsa a wurin ubansa ba, yana shirin komawa wani gari bayan Salla."

Salihu ya juyo da sauri wajen yayansa. "Hamma?" Bawa ya kafa ido a ƙasa kamar ya yi sata.

Mika'ilu ya daure ya ƙarasa. "Shawara: attajirin ya faɗi shugaba da bakinsa tun yana raye. A yi wa kasuwancin rajistar kamfani, domin in an zo rabon gado kowane magaji ya sami rabonsa na shari'a a hannun jari, ba a raba motocin ɗaya-ɗaya ba. A rubuta aikin kowane ɗa."

Alhaji ya ce, "Mika'ilu, wannan attajirin naka ba shi da suna?"

"Babu, Baba. Haka ƙa'idar take."

"'Ya'yansa ma?"

"Su ma babu."

"To, madalla." Ya tashi zaune da ƙyar, ya juya wa ƙofa baya. "Tunda ba kowa ba ne, ai ana iya maganarsa. Na san irinsa, wawan tsoho ne. Yana zaton abin da ke ransa kowa na gani. Rubuta a shafin naka: ɗan farin ne shugaba."

Mika'ilu ya sosa ƙeya. "Baba, a gafarce ni. Ba a sa abu a shafin farko sai yana cikin rahoton da hujjarsa. Duk zamanmu ba ka taɓa ce mini komai a kansa ba. Sai ka faɗi dalili in rubuta a ciki, sannan ya hau nan."

"Ikon Allah! Takarda ma da taurin kai." Alhaji ya ja tsaki. "To buɗe alƙalaminka."

Sai ga tsoho ya kama zuba. Ya faɗi shekarar da mota ta kife da gyaɗa a hanyar Gombe, yaron ya kwashe kayan mutane buhu-buhu ya kai, ko ɗaya bai ɓata ba, uban kuwa bai iya cin abinci ba sai da ya ji muryarsa a ƙofar gida. Ya faɗi yadda yaron ya kori direba mai satar mai, amma ya ci gaba da aika wa matarsa hatsi a ɓoye. Ya faɗi lokacin da aka koma tuƙi ta dama, yadda yaron ya zauna kusa da kowane direba har ya saba. Har zazzaɓin da ya kusa kashe shi yana ƙarami a gidan Goggo, attajirin ya tako da ƙafa daga Jimeta zuwa Yola ya tsaya bayan zana yana sauraren numfashinsa, ya koma ba wanda ya sani.

Bawa bai taɓa jin wannan ba. Ashe duk ana gani! Hawaye ya zubo masa, ƙaton mutum da furfura a gemu, ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai ya ɗauki takalmin wani yana jujjuyawa.

"Na biyun kuma," in ji Alhaji, "idon gidan ne, ba a tafiya ba shi. Takardu da banki nasa ne, kada wani ya sa masa hannu."

Salihu ba zai ce bai taɓa sa rai ba, abin ya ɗan sosa shi, kowa ya gani. Amma ɗan halak ne. Ya juya wajen ƙofa ya ce, "Allah ya taya riƙo, Hamma."

Mika'ilu ya cika shafi biyu. Ya fara tattara takardu, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Saura layin nan na tafiya bayan Salla. Wannan ba ni da ikon goge shi, sai mai shi. Amma ka gaya masa, in ya tafi, attajirin ba zai ga damina ba."

Mika'ilu ya dubi bakin ƙofa. Bawa ya buɗe baki, murya ta ƙi fita, muryar nan da ake ji har tsallaken kogi. Da ƙyar ya ce, "Goge."

An yi rajistar kamfani kafin damina. Alhaji ya ƙara shekara huɗu a duniya, har ya koma ga Allah bai kira sunan Bawa ba. "Ku gaya wa na gareji" dai, kamar kullum. Sai dai tun daga ranar, in ya faɗi haka, Bawa ba ya jiran a gaya masa. Daga bakin ƙofa yake amsawa, "Na'am, Baba."