Yaya da Lissafin da Ba a Samun Tushensa

Yayata malamar lissafi ce a wata sakandare ta 'yan mata, kuma a duk makarantar ba mai kiranta da sunan yanka. Malama Sai-an-gama suke ce mata. In ta fara lissafi a allo aka kaɗa ƙararrawa, ko malamin da ke biye ya zo ya tsaya bakin ƙofa yana gyaran murya, ba za ta ajiye alli ba sai ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsa. A gida ma haka take. Na taɓa ganin ta kwance zaren da ya cukurkuɗe tun hantsi har rana ta karkata, alhali sabo na nan a aljihun tebur.

Halinta na biyu kuwa, ba a gwada mutum da mutum a gabanta. Innarmu ce ta jawo. Ni ce auta, kuma Allah ya sa boko ya zo mini da sauƙi, shi ya sa Yaya ta tashi da "dubi ƙanwarki" a kunne safe da yamma. Da ta yi nata gidan sai ta kafa doka: kada wanda ya ce wane ya fi wane. Ko tsawon yaranta ba ta yarda a auna a bango ɗaya.

Ana nan sai hukumar makarantu ta ce duk malamin da ba shi da digiri zai sauka daga manyan azuzuwa. Yaya ta haura arba'in, ta yi shekara da shekaru tana riƙe da ajin ƙarshe, tana son ajin nan kamar ranta. Ta sayi jakar goyo irin ta ɗalibai ta shiga jami'a karatun ƙarshen mako. Ta cinye kowane darasi, sai guda ɗaya ya tsaya mata a wuya. Sau biyu tana faɗuwa, kuma ƙa'idar wurin in ka faɗi na uku sai ka tattara. In ta tattara, ajinta ya tafi.

Ni ma lissafi nake koyarwa, a wata kwaleji. Ranar da ta kira ni na san abin ya kai maƙura, domin Yaya ta fi son ta tambayi bango da ta tambaye ni.

"Auta, in kin samu sarari ki leƙo," ta ce. "Ba wani abu ba ne. Ki zo da biro."

Na same ta a falo ta baje takardu a kan teburin cin abinci, ta danne su da kofuna saboda fanka. Abin da ke kayar da ita shi ne intagiral marar iyaka. Intagiral dai shi ne auna faɗin filin da ke ƙarƙashin wani lanƙwasasshen layi. Marar iyaka kuwa shi ne wanda filin ya fara daga wani wuri, a ce daga ɗaya, ya miƙe har illa masha Allahu. Tambayar ita ce: in aka yi ta tara filin nan, jimlar za ta tsaya a wani adadi, ko za ta zarce ba ƙarshe? Hanyar da aka saba ita ce a nemo tushe, wato wani lissafin da in ka fitar da saurin canjinsa zai ba ka wanda ke gabanka, sannan ka sa iyakoki ka karanta amsa.

"Ga mugun," in ji Yaya, ta turo mini takarda. An rubuta e^(−x²), daga ɗaya zuwa abin da ba iyaka. "Wancan karon duk lokacina a kansa ya ƙare. Shafi biyar na cika ina neman tushensa."

"Yaya, ai ba za ki samu ba. Ba a iya rubuta tushen wannan da lissafan da muka saba da su."

"Haka Dakta mai koyar da mu ya ce. Ni kuwa na ɗauka ragwanci ne."

Na kusa shaƙewa da shayi. Ashe an gaya mata, gardama ce kawai ta hana ta ji.

Na ce mata ba amsa aka tambaye ta ba, cewa aka yi ya tsaya ko ya zarce. Sai ta nemo wani da ta san halinsa ta gwada su. Daga ɗaya zuwa sama x² ba ya gaza x, saboda haka e^(−x²) ba ya wuce e^(−x). Shi kuwa e^(−x) tushensa a tafin hannu yake, jimlar filinsa 1/e. Tunda dukansu ba sa sauka ƙasa da sifiri, kuma babban ya tsaya, ƙaramin ba shi da inda za shi.

Yaya ta kalle ni ta saman tabarau.

"Wato dubi ƙanwarki."

"Yaya, lissafi ne fa."

"Na ji. A bar aiki ba a gama ba, a kama gwada wane da wane. Duk abin da na tsana an haɗa mini a tambaya ɗaya."

Daga ranar nake zuwa duk yammacin da na samu dama. Ta karɓi hanyar kamar mai shan magani, tana yatsina fuska. Kuma da ta karɓa sai ta ɓullo da sabuwar matsala: ba ta kula da wajen da gwajin ya fuskanta. Ta samu lissafi ya gaza 1/x, ta san 1/x zarcewa yake, sai ta rubuta wai shi ma ya zarce. Na ce a'a. Ta goge ta rubuta ya tsaya. Na ce shi ma a'a, wannan gwajin bai gaya mata komai ba. Ta ce to ita wane irin lissafi ne wannan da za a yi aiki a tashi a tutar babu?

Mijinta ne ya raba mu, kuma bai san ya yi ba. Baban yara mai gyaran firji ne, dogo ne har ana yi masa tsiya, ƙofar kicin ɗinsu kuwa gajera ce. Ya shigo da sauri zai ɗauko ruwa, sai ji muka yi gwaf.

"Wayyo! Wallahi sai na fasa ƙofar nan."

"Tun da muka tare kake faɗa," in ji Yaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Can sai ta ɗago. Ta dubi ƙofar, ta dubi mijin yana murza goshi.

"Tsaya nan. Kada ka motsa."

"Lafiya?"

"Auta, tashi ki tsaya kusa da shi."

Na tashi. Ta zagaye mu tana magana ita kaɗai. In dogo ya wuce ƙofa bai sunkuya ba, duk wanda bai kai shi ba zai wuce. In gajere ya buga kai, duk wanda ya fi shi zai buga. Amma don dogo ya buga kai, wannan bai ce komai a kan Auta ba, tana iya wucewa tana iya bugawa. Don gajere ya wuce, shi ma bai ce komai a kan dogo ba.

"Ni dai goshina ke ciwo," in ji Baban yara. "In an gama da ni a sallame ni."

Na ba ta (2 + sin x)/x in gani. Ta ce sin x lilo yake tsakanin −1 da 1, don haka na saman ba ya gaza ɗaya, ba ya wuce uku. Ta kai hannu ga 3/x, ta janye. "Dogo ne, kuma ya buga kai. Ba ruwana da shi." Ta ɗauki 1/x. "Gajere, ya buga. Namu ya fi shi. Ya zarce." Ta ja layi biyu da ƙarfi har biron ya huda takarda. Daɗin da na ji a ranar ba ya misaltuwa.

Ranar jarrabawa ni na kai ta. Na zauna a benci ƙarƙashin wata bishiya ina kallon ƙofar zauren. Ga mamakina tun ba a ce a ajiye biro ba sai ga ta ta fito, fuskar nan ba annuri.

"Na kashe kaina, Auta."

"Me ya fito?"

Babbar tambayar, mai makin da ke raba ci da faɗuwa, ita ce 1/√(1 + x³), daga ɗaya zuwa abin da ba iyaka. Ta ce hannunta har ƙaiƙayi yake ta nemi tushe, sai da ta zauna a kansa. Ta fara gwada shi da 1/x, ta ga namu ne ƙarami kuma 1/x zarcewa yake, ta soke. Sannan ta lura in ta cire ɗayan nan na ƙarƙashin alamar, na ƙasa ya ragu, lissafin ya ƙaru, ya zama 1/√(x³). Shi kuma ta san shi, jimlarsa biyu cif. Namu bai kai shi ba, bai kuma sauka ƙasa da sifiri ba. Ya tsaya.

"To ai shi ke nan, Yaya!"

"Layi huɗu fa. Yarinyar da ke gefena har ƙarin takarda ta karɓa."

Duk rantsuwar da na yi mata ba ta shige ta ba. Makonnin da suka biyo baya har ta fara kwashe littattafanta daga kabad ɗin ajin ƙarshe, wai kada a zo ana korar ta tana tattare-tattare a gaban yara.

Wata Asabar muka je jami'ar karɓo wani littafi, muka yi kiciɓis da Dakta a matakala. Ɗan siriri ne, Yaya ta girme shi nesa ba kusa ba, amma ta rusuna.

"Malama, ke ce mai layi huɗu?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. A yi haƙuri."

"Haƙurin me? Sun isa. An kafe sakamako tun jiya, ba ki duba ba?" Ya yi gaba, sannan ya waiwayo. "Na gode da ba ki sake ba ni shafi biyar ba."

Muka duba muka ga ta ci, daga nan gidan Inna muka zarce. Muka same ta a tabarma tana tsefe kan jikarta. Ni na ba da labari. Inna ba ta yi boko ba, amma ta rayu da malaman lissafi biyu, ta san kowane lissafi da amsarsa.

"To madalla. Amsar nawa ce?"

"Ban sani ba, Inna," in ji Yaya. "Na dai san ba ta kai biyu ba."

Inna ta ajiye matsefi. "Ba ki san amsa ba, kuma suka bar miki ajinki?"

"Sun bar mini, Inna."

Yaya ta durƙusa a bakin tabarmar. Inna ta matsar da jikar gefe, ta jawo kan Yaya, da furfurarsa da tabarau da komai, ta ɗora a cinyarta.