Mai Tef da Jakunkunan da Jirgi Ya Bari

Shekara talatin da huɗu Mai Tef ta yi tana ɗinki, kuma ba a taɓa tambayarta yaushe za a dawo karɓar kaya ta ce ba ta sani ba. Laraba, za ta ce, ko Asabar da hantsi, ko kai ba ta ɗagowa daga keke. Idan Larabar ta zo aiki bai kammala ba, sai ta ba mai kaya kujera, ta tambayi lafiyar yara, ta ƙarasa a gabansa. Haka ta koya wurin wanda ya koya mata, haka duk telolin layinsu suke yi, kuma ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba.

Sunan ya samo asali ne daga tef ɗin awo da ba ya barin wuyanta. An taɓa ganinta da shi a layin ganin likita. Da keke ɗaya ta fara a barandar gidan haya. Bayan rasuwar mijinta ta kama wani dogon ɗaki a saman shagon masu sayar da kayan famfo, yanzu keke goma sha biyu ke kuka a ciki, ga teburin yanka a tsakiya, ga ɗan ofis da aka raba da falanki inda babbar 'yarta take zama da kwamfuta. Rabin shekara kekunan nan aikin mutum ɗaya suke yi: wata mata a ƙasar waje mai shagon kayan 'yan makaranta, wadda ta ga jakar Mai Tef a bayan wani yaro ta nemo mai ɗinkin. Ba su taɓa haɗuwa ba. A shagon Mai Godiya suke ce mata, don kowane saƙonta da godiya yake ƙarewa.

Bana jaka dubu ɗaya da ɗari takwas ta nema, su isa kafin a buɗe makarantu a can. An gama ɗinki da kwana huɗu a hannu, an cika katan sittin, an miƙa wa ejan. Ejan ɗin ƙanin marigayi mijinta ne, shi ke shige da fice da takardun kaya a tashar jiragen ruwa. Katan sittin ba su cika kwantena, don haka aka haɗa su da kayan wasu 'yan kasuwa a kwantena ɗaya, kamar yadda ake yi duk shekara.

Ranar isar kaya ta farko da aka ba Mai Godiya daga takardar ejan ta fito. Da ejan ya bugo waya ya ce an ɗan samu tsaiko, Mai Tef ba ta tambayi irin tsaikon ba. Ta ɗora sati biyu a kai, ta ce wa 'yar ta rubuta. Mai Godiya ta ɗauki wannan rana ta liƙa a shafin shagonta, iyaye suka fara ba da oda. Sati biyu suka zo suka wuce.

Safiyar wata Litinin 'yar ta leƙo daga ofis.

"Mama, ta rubuto. Layi uku ne."

"Karanta mini."

"Ta ce ta duba lambar kwantenar, ba ta kan jirgin. Ta ce iyaye suna tambayarta. Ta ce a faɗa mata yau ko ta nemi jaka a wani wuri."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Babu godiya."

Mai Tef ta aika aka kira ejan. Ya hawo bene yana haki, wayoyi biyu a hannu, ya zauna a kan dilar yadi.

"Matar yaya, irin wannan kira sai ka ce na ci amanar marayu."

"Saura kaɗan. Ina kayana?"

"Suna nan lafiya ƙalau, ko ƙura ba ta taɓa su ba."

"Ban ce ka yi mini gadinsu ba. Yaushe za su tafi?"

Ya ce ranar tara. Ya duba ɗaya wayar ya ce ko sha shida. 'Yar ta juyo da kwamfuta ta nuna masa shafin kamfanin jirgi, inda aka rubuta ashirin da uku, da sunan wani jirgi dabam. Ejan ya ce wannan hasashe ne, na'ura ke cikewa da kanta, kada a kula shi. Mai Tef ta dubi wannan ta dubi wancan. Rana uku aka ajiye mata, kowacce da mai ita, kuma mai itan da kansa yana cewa kada a riƙe shi.

Sai da ta sa shi ya maimaita sau biyu kafin ta kama zaren. A cikin kwantenar akwai kayan wani mutum da takardunsa ba su yi daidai da abin da ke cikin katan ɗinsa ba. Kwastan suka riƙe kwantenar gaba ɗaya don bincike, jirgi ya tafi ya bar ta. Sai sun sake ta za a nema mata gurbi a wani jirgin, sai kamfani ya tabbatar da gurbin a rubuce, daga nan a ƙirga kwanakin teku, a ƙara na kwastan ɗin can.

"To a ciro mini katan ɗina."

"Ba a taɓa kwantenar da ke hannun bincike. Ko allura."

"Wane ne mutumin? In je in same shi."

"Ki ce masa me? Shi ma yana can yana neman wanda zai je ya sama."

Ta zauna. Duk jinkirin da ta sani a duniya jinkiri ne da ake kashewa da ƙafa a kan keke. A nan babu abin da za ta taka.

"Rubuta mata," ta ce wa 'yar. "Ki ce muna ba da haƙuri, ƙarshen wata kayanta suna hannunta."

"Wa ya ce ƙarshen wata?"

"Ni."

"Ai ke kika ce sati biyu."

"Kada ki yi mini rashin kunya a gaban baffanki."

"Ba rashin kunya ba ce, Mama. Matar nan ba za ta zo ta zauna a kujera ki tambaye ta yara ba. Abin da kika faɗa mata shi take faɗa wa mutum ɗari biyar."

Ejan ya ce shi a ganinsa a rubuta cewa matsalar tasha ce kawai, kowa ya san tasha. Ko a ce ruwan sama. 'Yar ta ce matar tana da lambar kwantena, tana ganin abin da suke gani. Mai Tef ta ce to a yi shiru zuwa jibi, ƙila a samu labari. Aka tuna mata cewa yau aka ce.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne ban haƙuri babu rana. A wurinta ranar ita ce ban haƙurin. Mutum ya ce yi haƙuri ya tsaya a nan, me ya bayar? Ta tashi ta zagaya teburin yanka, ta ɗaga ragowar yadin da ke ƙarƙashinsa, ta auna da ido, ta ƙirga zif a kwali. Za su fitar da jaka ɗari biyu. Kwana biyar, idan ba a ɗauke wuta ba. Wannan dai ta san shi kamar tafin hannunta.

Ta koma ofis ta tsaya a bayan 'yar, tana faɗa da Hausa ana juyawa Turanci. Sun fi awa ɗaya a kan saƙon da bai kai rabin shafi ba. Ta ce a fara da cewa rana ta biyu ita ta yanke ta da kanta ba tare da ta bincika ba, laifinta ne, tana ba da haƙuri. Aka rubuta abin da ya faru da kwantenar yadda yake. Aka rubuta cewa kayan suna nan cikakku amma ba su da iko da ranar sakinsu, kuma ba za su faɗi wata rana ba sai kamfanin jirgi ya tabbatar da gurbi a rubuce, su turo mata takardar ta gani da idonta. Kowace Alhamis za su rubuto mata, ko akwai labari ko babu. Idan tana so, za a ɗinka ɗari biyu a miƙa wa masu jirgin sama ranar Litinin mai zuwa, ɗawainiyar a wuyan Mai Tef.

"Litinin za su isa?" in ji ejan.

"Litinin za su bar hannuna. Haka za a rubuta."

'Yar ta ce akwai layi ɗaya da ya rage: idan matar ta ga ba za ta iya jira ba, ta nemi wasu a wani wuri, ba za su riƙe ta ba.

"Ni da bakina in nuna mata ƙofa?"

"Ta san inda ƙofar take, Mama."

Sau uku Mai Tef ta sa aka goge layin, sau uku aka mayar. Sau ɗaya kuma ta sa aka ƙara "watakila ƙarshen wata", ta tsaya tana kallonsa a fuskar kwamfuta, ta ce a cire. Aka aika kafin azahar. Ta fito tana jin kamar ta miƙa wa mai kaya riga babu hannu ɗaya.

Amsa ba ta zo ba sai washegari da rana. Mai Godiya ta ce a turo ɗari biyun. Ta ce ta cire ranar daga shafinta, ta mayar wa iyayen da ba za su jira ba kuɗin odarsu, kuma ta nemi jaka ɗari shida wurin wani mai ɗinki kusa da ita don ta toshe giɓi. Kayan kwantenar tana so, duk ranar da suka iso. Maganar odar baɗi kuwa, sai sun iso za a yi ta.

"To mun tsira ko mun faɗi?" Mai Tef ta tambaya.

'Yar ta sake karantawa a hankali. Ta ce ita ma ba ta gane ba. Ejan da aka buga masa ya ce wannan ai alheri ne, sai kuma ya ce amma batun mai ɗinkin nan na kusa da ita bai kwanta masa ba.

Aka shimfiɗa yadi, kekuna suka tashi. Masu ɗinki suna tambayarta ko akwai aikin baɗi, tana cewa su kula da bakin zif.

Alhamis ta zo. Ta buga wa ejan waya tun da safe, ya ce kwastan sun buɗe kwantenar sun rufe, ba su ce komai ba, amma wani abokinsa a ciki ya ce masa sati mai zuwa.

"A rubuce ya ce maka?"

"Haba matar yaya, a bakin get muka haɗu."

Ta kashe wayar ta shiga ofis. 'Yar ta ɗora yatsu a kan madannai tana jira.

"Ki ce mata yau Alhamis. Kwantena tana hannun kwastan, ba a ba mu rana ba. Saba'in sun kammala cikin ɗari biyun."

"Shi ke nan?"

Mai Tef ta buɗe baki za ta ƙara "sati mai zuwa", ta fasa.

"Aika," ta ce.