Dubu bakwai da ɗari uku

Wata biyar da rasuwar Baba, Inna ta fara cewa tana ganinsa a mafarki. Ba ya magana, in ji ta, sai dai ya tsaya a bakin zaure yana jan wuyan rigarsa kamar tana cizonsa. Na ce mata kewa ce, ta rage shan shayi da yamma. Ni ma'aikaciyar lissafi ce a wani ofis a GRA, kuma a lokacin ina ji da kaina, abin da bai hau takarda ba ban cika ba shi muhimmanci ba.

Baba ya sa kuɗin sallamarsa daga aiki a ajiyar banki mai wa'adi, amma bai taɓa cin ruwan da take haifarwa ba. Duk wata sai ya cire shi cif, ya kai asibiti a saya wa marasa hali magani. Ko goro a wannan kuɗin ba ya saya. Saboda haka malamin da zai raba mana gado ya ce a fara ware kuɗin ruwan da ya taru bayan rasuwar, kada ya shiga rabon kowa.

Yayanmu, babban ɗan gidan, ya karɓo takardu daga banki bayan kotu ta ba shi izini: takardar shaidar kuɗin ruwa da harajin da aka cire na shekarar, da bayanan asusun wata goma sha biyu. Ya ajiye mini a ɗakin Baba a gidanmu na Ƙofar 'Yandaka, ya tafi kasuwa.

Da hantsi ne, amma ɗakin da duhu da sanyi. Hularsa na nan kan ƙusa, turarensa bai bar labule ba. Na zauna kan buzunsa ina bin layi. Kowane wata banki ya zuba ruwa, ya zare kashi goma cikin ɗari na haraji, washegari Baba ya kwashe ragowar. Daga Agusta babu mai kwashewa. Na haɗa ruwan shekara, dubu ɗari huɗu da tamanin, haraji dubu arba'in da takwas.

Takardar shaida ta ce ba haka ba. Ruwanta ya ɗara nawa da dubu bakwai da ɗari uku, harajinta da ɗari bakwai da talatin. Na sake haɗawa har sau uku, ina jin haushin banki. Sai na lura rarar harajin kashi goma ce daidai ta rarar ruwan. Kuskuren bugu ba ya zuwa da harajinsa a hannu. Akwai wani kuɗi a wani wuri da ya haihu da sunan Baba. Na fito tsakar gida ban ko rufe ƙofar ba.

A banki wata ma'aikaciya ta duba ta ce takardar ta tattara duk asusun da ke ƙarƙashin sunansa ne, kuma akwai na biyu, ƙaramin asusun ajiya. Na kira Yaya ya zo ya sa hannu aka buga mana bayanansa. Ga ruwan nan ɗan kaɗan kowane ƙarshen wata, Janairu zuwa Yuli, ga harajinsa. Na haɗa a tsaye. Ya cike giɓin har kwabo.

"Yaya, wannan asusun na mene ne?"

"Ai wannan babu komi cikinshi," ya ce. "Shi ya sa ban kawo miki ba. Baba ya ba ni katin cire kuɗin tun shina asibiti. Ya ce wannan guminshi ne tsantsa, babu ruwa ciki, in ya cika a sai mashi likkafani da shi, sauran a yi sadaka."

Na duba layin ƙarshe. An kwashe kuɗin ranar da Baba ya rasu. Na duba sama, ban ga inda ya taɓa cire ruwan wannan asusun ba. Shi a saninsa ajiya mai wa'adi ce kaɗai ke haihuwa. Shekara nawa abin yana taruwa yana cakuɗewa, ban iya tambaya ba. Yaya ya karanta fuskata, ya zauna kan kujerar masu jira ya dafe kai.

Malam ya ce Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba, mu fitar da kwatankwacin ruwan mu yi wa Baba addu'a. Na yarda da shi. Mun nemi bayanan shekarun baya, muka haɗa duka, na kai asibitin da kaina. Muka yi shawara ba za mu gaya wa Inna ba.

Da na dawo tana tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Takardun sun daidaita?"

"Sun daidaita, Inna, har kwabo."

Ba ta ɗago ba. "To mi ya sa shina ta jan wuyan rigarshi?"

Na ji tsoro ranar, irin wanda ban taɓa ji ba. Ni na zaɓi yadin likkafanin a kasuwa, na ce a ba mu mai laushi.